Hefarin na shiga amma aPTT ya ƙi motsi: ina matsalar take?

Nasiru_Ɗakin_Maza: Assalamu alaikum manyanmu. Ga wani majinyaci da nake so a duba mana. Namiji ne, shekara 34, nauyinsa kilo 70, yana da ciwon ƙoda irin mai zubar da furotin a fitsari. Albumin ɗinsa giram 18 a lita, fitsarin awa 24 ya ba da furotin giram 9, kiriyatinin bai hau sosai ba. Ƙafar hagu ta kumbura fiye da ta dama, hoton dofla ya nuna gudan jini daga bayan gwiwa har cinya. An fara masa hefarin, maganin hana jini daskarewa, ta jijiya, yunit 5,600 a tashin farko, sannan 1,260 kowace awa. Bayan awa shida aPTT, gwajin lokacin da jini yake ɗauka kafin ya daskare, ya zo daƙiƙa 33, na lafiyayye a wurinmu 30 ne. An ƙara har 1,540 a awa, ya zo 36. Muna neman 45 zuwa 75. Maganin ne ba shi da kyau, ko jikin ne yake ƙin sa?

Fam_Rabi: Wa alaikumus salam. Kafin a ɗora wa jikinsa laifi, Malam Nasiru, a duba kwalbar. Akwai hefarin mai yunit 1,000 a kowane mililita, akwai mai 5,000. In an ɗauko na farkon aka yi lissafi da na biyun, kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rubuta ne yake shiga. A duba kanular ma, hannun mai kumburi yana ɓoye ruwan da yake tsiyaya ƙarƙashin fata.

MalamTijjani_Lab: Na ƙara da nawa ɓangaren. Jinin da aka ɗiba don aPTT na mai shan hefarin bai kamata ya wuce awa ɗaya a ajiye ba a juya shi a inji ba. Ƙwayoyin filatilet da ke cikin kwalbar suna sakin wani furotin da yake kama hefarin ya kashe shi, sai sakamakon ya zo ƙasa da abin da ke cikin jikin mutumin. Ɗan aike ya tara kwalabe ya kai su gaba ɗaya da la'asar, ka ga an yi ta ƙara magani a banza.

Nasiru_Ɗakin_Maza: An duba duka. Mai 5,000 ne, lissafin daidai, kanula sabuwa ce, jinin kuma cikin minti ashirin yake isa.

Dr_Hadiza_Jini: To in haka ne, Nasiru, ka koma ga albumin ɗin nan naka na 18. Hefarin shi kaɗai ba ya hana jini daskarewa. Aikin na antitirombin ne, wani furotin da hanta take yi, yana yawo cikin jini yana kama tirombin da fakta ta goma da aka kunna, masu sa jini ya daskare. Shi kaɗai yana yin aikin amma a hankali. In hefarin ya manne masa, sai siffarsa ta ɗan canja, saurin kamunsa ya ninka kamar sau dubu. A jikin lafiyayye ma haka abin yake, domin fatar cikin jijiya tana ɗauke da wasu sukari masu kama da hefarin, su ne suke zaburar da shi. Shi ya sa tirombin da ya kuɓuce daga bakin rauni ba ya yin nisa.

Yanzu dubi girmansa. Antitirombin kilodalton 58 ne, albumin kuwa wajen 66. Ƙodar da ta bar albumin ya wuce, ba za ta riƙe wanda ya fi shi ƙanƙanta ba. Majinyacinka fitsarar da antitirombin ɗinsa yake yi. Kana aiko da direba ne alhali motocin da ke tashar sun ragu.

Auwal_500L: Ashe shi ya sa gudan bai narke ba har yanzu. Da hefarin ya kama aiki da ya narkar da shi cikin kwana biyu uku ko?

Dr_Hadiza_Jini: A'a ƙanena. Hefarin ba ya narkar da gudan jini ko kaɗan, ko da aPTT ya kai inda ake so. Hana shi ƙaruwa kawai yake yi. Narkarwa aikin filasmin ne, kuma makonni yake ɗauka, wani lokaci watanni, wani gudan ma ba ya tafiya duka. Za mu zo nan, bari a gama da na farko.

DrBukar_Ƙoda: Dakta Hadiza ta faɗi abin da ya fi yiwuwa, amma ban yarda a rufe maganar a kai ba. Masu wannan ciwon hantarsu tana ƙoƙarin cike gurbin furotin da ke zuba, sai ta yi ta ƙera manya-manyan da ba sa iya fita ta ƙoda. Faibirinojin, furotin da ake saƙa gudan jini da shi, yana hawa, fakta ta takwas ma tana hawa. Su biyun suna gajarta aPTT a cikin kwalba, ko da hefarin yana aikinsa a jiki yadda ya kamata. In haka ne lamarin, kai kuma ka ci gaba da ƙara magani kana bin lamba, ƙarshenta zubar jini za ka jawo masa. Abin da yake raba gardamar shi ne anti-Xa, gwajin da ke auna ƙarfin hefarin a kan fakta ta goma. In ya zo tsakanin 0.3 da 0.7, hefarin ya isa, aPTT ne yake yaudararka. In ya zo ƙasa, to maganar Dakta Hadiza ce.

MalamTijjani_Lab: Gaskiya ne ranka ya daɗe, sai dai a tambayi inda za a kai gwajin wane irin sinadari suke amfani da shi. Akwai na anti-Xa da ake haɗo shi da antitirombin a ciki. Irin wannan zai ba ka lamba mai kyau ko da jinin mutumin ba shi da antitirombin, tunda an ara masa a kwalba. Ga wannan majinyacin, wanda ba a ƙara wa komai ba ake so.

Sista_Larai: Me ya sa ba za a cire shi daga wahalar ƙarin ruwa a mayar da shi inoksafarin, hefarin da ake yi da allura ƙarƙashin fata, ba? Miligiram ɗaya ga kowane kilo, safe da dare, shi ke nan, babu aPTT babu komai.

Fam_Rabi: Sista, rashin gwajin ba ya nufin matsalar ta tafi, ganinta ne kawai muka daina. Inoksafarin ma ta antitirombin yake bi. Bambancinsu a tsawon sarƙar ne. Don a kashe tirombin dole sarƙar hefarin ta kama antitirombin da tirombin a lokaci guda, kuma hakan na buƙatar sukari aƙalla 18 a jere. Mafi yawan sarƙoƙin inoksafarin ba su kai haka ba, shi ya sa ƙarfinsa yake kan fakta ta goma, shi ya sa kuma aPTT ba ya nuna shi sosai. Sannan ta ƙoda yake fita. In aikin ƙodar ya faɗi ƙasa da mililita 30 a minti, sau ɗaya a rana ake ba da shi. Ba ina cewa kar a yi ba ne, da yawa haka ake yi musu kuma su samu lafiya. Amma nauyin da za a yi lissafi da shi ma abin dubawa ne, tunda kilo 70 ɗin nan akwai ruwan kumburi a ciki.

Nasiru_Ɗakin_Maza: Sakamako ya dawo daga waje. Anti-Xa 0.16, da sinadarin da ba a ƙara wa komai ba. Antitirombin kashi 52 cikin ɗari. Faibirinojin giram 7 a lita. An ƙara hefarin zuwa 1,820 a awa, aPTT ya kai 51. Wani abu kuma: an fara masa wafarin, ƙwayar hana jini daskarewa, miligiram 10 shekaranjiya da jiya, yau INR, gwajin da ake bin aikin wafarin da shi, ya zo 2.3. Ana shawarar a cire hefarin tunda INR ya shiga layi, kuma dama yana ba da wahala.

Dr_Hadiza_Jini: Kar a cire. Don Allah ka koma ka faɗa yanzu, kar ka jira zagayen gobe.

Ga dalili. Akwai birki na biyu bayan antitirombin, wato furotin C. A fatar jijiyar da ba ta ji rauni ba akwai tirombomodulin. Tirombin da ya iso nan ya manne masa, sai ya daina yanka faibirinojin, ya daina zaburar da filatilet, ya juya yana kunna furotin C. Furotin C da aka kunna, da taimakon furotin S, yana datse fakta ta biyar da ta takwas, su ne kuwa masu ninka ƙera tirombin. Wato tirombin ɗin da yake gina guda a bakin rauni, shi ne yake tsayar da ginin da zarar ya taka lafiyayyar jijiya. Abin ya fi ƙarfi a ƙananan jijiyoyi, inda jini kaɗan yake gogar fata mai yawa.

Matsalar ita ce furotin C da S duk sai da bitamin K hanta take ƙera su, kamar fakta ta biyu, ta bakwai, ta tara da ta goma. Wafarin yana tsayar da ƙera su duka a lokaci ɗaya, amma waɗanda ke cikin jini ba tare suke ƙarewa ba. Fakta ta bakwai rabinta yana tafiya cikin awa shida. Furotin C cikin awa takwas ko ƙasa da haka. Ta goma sai wajen awa 40, ta biyu kuwa awa 60 zuwa 72. INR kuma ya fi jin fakta ta bakwai. To 2.3 ɗin nan na rana ta biyu abin da yake faɗa maka shi ne ta bakwai ta faɗi. Furotin C ya faɗi tare da ita, ta biyu da ta goma kuwa ba su faɗi kamar su ba tukuna. Mutumin da antitirombin ɗinsa yake rabi, ka rage masa furotin C, sannan ka zare hefarin, ba ka bar masa komai ba.

Ƙa'idar ita ce a haɗa su kwana biyar aƙalla, kuma INR ya zauna a 2 ko sama na awa 24, sannan a cire hefarin. Sharuɗɗan biyu tare ake cika su.

DrBukar_Ƙoda: Miligiram 10 ɗin ma ya yi yawa. Wafarin kusan kashi 99 cikin ɗari a jikin albumin yake maƙale, mai albumin 18 kuwa amsarsa ba ta da tabbas, tana iya yin sama da sauri. Ni 5 zan fara da shi, wasu ma ƙasa da haka. Ku sa ido gobe da jibi, INR ɗin nan zai iya wucewa 4.

Sista_Larai: Me za mu duba a jikinsa mu da muke tare da shi dare da rana?

Dr_Hadiza_Jini: Wuraren da ke da kitse, Sista: cinya, ɗuwawu, ciki, nono ga mata. Yawanci tsakanin rana ta uku da ta shida. Ciwo ne yake fara zuwa, mai tsanani fiye da abin da ido yake gani, sai wurin ya yi ja ya yi tauri, sai ya koma shuɗi-baƙi da iyaka a fili, sai bororo mai jini. Ƙananan jijiyoyin fata ne suka toshe. Ga baƙar fata jan ba ya fitowa da wuri, don haka a taɓa, a ji zafi da tauri, a saurari kukan majinyaci. In an gani, a tsayar da wafarin, a ba da bitamin K, a ci gaba da hefarin, a ba da filasma don mayar da furotin C. Ba kasafai yake faruwa ba, ya fi samun waɗanda aka haifa da ƙarancin furotin C. Kuma a ƙirga filatilet ɗinsa daga rana ta biyar zuwa ta goma ta hefarin. In suka faɗi da rabi, wata matsala ce daban, kuma wafarin a wannan halin ƙafar yake iya ruɓarwa ta wannan hanyar dai.

Auwal_500L: Ba za a gwada shi fakta ta biyar ta Leiden ba? Mun karanta ita ce ta fi kowace yawa cikin cututtukan daskarewar jini na gado, furotin C ba ya iya datse ta.

MalamTijjani_Lab: Ta fi yawa a Turawa, wajen mutum biyar cikin ɗari. A baƙar fatar Afirka kusan babu ita. A Leiden ta ƙasar Holan aka gano ta a 1994, littattafan kuma can aka rubuta su. Kuɗin gwajin a saya masa magani ya fi. Sannan ko furotin C da S kar a auna yanzu. Wafarin yana rage su, sabon guda yana cinye su, furotin S kuma yana faɗuwa ga mai ciki ko mai shan ƙwayar tazarar haihuwa. Sai a liƙa wa mutum ciwon gado da ba shi da shi. In dole ne, sai bayan an daina wafarin da mako biyu aƙalla. Ko 52 ɗin nan na antitirombin ba duka ƙoda ba ce, hefarin da kansa yana rage shi bayan 'yan kwanaki.

Ungozoma_Zinder: Sannunku. Ni ban gane wani abu ba. Mu a ɗakin haihuwa tiranekzamik muke ba da shi don kada guda ya narke, giram ɗaya ta jijiya cikin minti goma, a maimaita bayan minti talatin in jinin bai tsaya ba. Ku kuma kuna neman ya narke. Shin jiki narkarwa yake yi da sauri ko a hankali? Likita ta ce makonni, mu kuma an ce mana bayan awa uku maganin ba ya da amfani.

Dr_Hadiza_Jini: Duka biyun gaskiya ne, Hajiya, ya danganta da shekarun gudan da kuma abin da ke kewaye da shi. Filasmin yana yawo ne a kulle, da sunan filasminojin. Mai buɗe shi tPA ne, fatar jijiya ce take sakin sa, kuma cikin minti biyar hanta ta kwashe rabinsa. A cikin jini mai gudana tPA rago ne. Sai shi da filasminojin sun zauna tare a kan zaren faibirin, wanda aka saƙa gudan da shi, sannan aikinsa yake ninkuwa sau ɗaruruwa. Wurin zaman kuwa laisin ne da ke jikin zaren. Da filasmin ya fara yanka, sai sababbin laisin su bayyana a bakin yankan, wasu filasminojin su ƙara zama, narkewa ta ƙara sauri. Filasmin da ya faɗo cikin jini kuwa, alfa-2 antifilasmin yana cafke shi nan take, shi ya sa bai cinye faibirinojin na jiki duka.

Tiranekzamik kama yake da laisin. Yana toshe hannun da filasminojin yake kama faibirin da shi. Bayan fitar mabiyiya tPA yana tashi da sauri cikin awar farko, gudan da ke rufe jijiyoyin mahaifa kuma sabo ne, bai yi ƙwari ba, nan ne maganin yake da riba. Binciken WOMAN na 2017, mata dubu ashirin a ƙasashe 21 har da Najeriya, shi ya nuna ribar tana cikin awa ukun farko.

Gudan da ke ƙafar majinyacin Nasiru daban ne. Fakta ta sha uku ta riga ta ɗinke zarurrukan juna da juna, ta kuma ɗinke antifilasmin a jikinsu. Gudan ya takure, jini ba ya ratsa shi, tPA a bakinsa kawai yake aiki. Faibirinojin giram 7 kuma saƙa mai matsatsi yake bayarwa.

Auwal_500L: To a ba shi sitireftokines mai narkar da guda mana a huta.

DrBukar_Ƙoda: Ba a yi wa gudan ƙafa haka sai ƙafar tana shirin mutuwa, ko guda ya tafi huhu hawan jini ya faɗi. Sitireftokines bai damu da faibirin ba, duk filasminojin da ya samu a jini kunna shi yake, antifilasmin ya ƙare, faibirinojin ya zube, jini ya ɓalle a inda ba a so, har cikin kai. Ƙafar da take kumbure amma da ɗumi da bugun jini ba ta kai wannan kasadar ba.

Tunda an kawo tiranekzamik, ga gargaɗi. Masu wannan ciwon gudan yana kama jijiyar ƙoda kanta. In ya yi kukan ciwon kwiɓi, ko jini ya fito a fitsari, ko kiriyatinin ya hau ba dalili, a yi hoton jijiyar ƙoda. Kar wani ya ga jan fitsari ya rubuta tiranekzamik. Fitsari yana da nasa mai kunna filasmin da yake share hanya, ka toshe shi guda ya tsaya a bututun fitsari.

Nasiru_Ɗakin_Maza: An bar hefarin, an tsallake wafarin na yau, gobe za a koma 3 ko 5 gwargwadon INR. Fatar lafiya lau. Za mu maimaita D-dimer don mu ga ko yana narkewa?

MalamTijjani_Lab: Ba zai faɗa maka ba. D-dimer gutsuren faibirin ne da aka ɗinke sannan filasmin ya yanka, don haka yana nuna an yi guda an kuma fara rushe shi, bai nuna wanne ya rinjaya ba. Mai ciwon ƙoda irin wannan, da mai sikila, da mai ciki, nasu a sama yake ko babu komai a ƙafa. Ma'aunin tela a zagayen ƙwauri, santimita goma ƙasa da ƙashin gwiwa, kullum a wuri ɗaya, ya fi shi amfani a nan.

Fam_Rabi: Ni har yanzu tambayata ita ce me ya sa ake wahala da wafarin. Afiksaban da ribaroksaban kai tsaye suke kama fakta ta goma, ba ruwansu da antitirombin, ba sa taɓa furotin C. Kamar don shi aka yi su.

DrBukar_Ƙoda: A takarda haka ne, Hajiya Rabi. Amma su ma a jikin albumin suke maƙalewa, ribaroksaban sama da kashi 90. Da albumin 18 ban san nawa ne yake yawo a sake ba, ban san nawa yake bin fitsari ba, kuma ba ni da gwajin da zan duba. Wafarin da duk halinsa, ina da INR.

Fam_Rabi: INR ɗin da ya kusa sa a cire masa hefarin a rana ta biyu.

DrBukar_Ƙoda: Wannan karatun sakamakon ne, ba gwajin ba. In albumin ya haura 25 sai mu sake magana.

Dr_Hadiza_Jini: Akwai masu ba da afiksaban a irin wannan, ban ce sun yi kuskure ba. Abin da ban goyi baya ba shi ne filasma don mayar da antitirombin, na ga wani ya turo min da maganar ta gefe. Mililita ɗaya yunit ɗaya yake ɗauke da shi. Don ka ɗaga mutum mai kilo 70 daga 52 zuwa 80 kana buƙatar wajen yunit 1,400, kusan lita ɗaya da rabi ke nan a jikin da ruwa ya riga ya cika, kuma ƙodar za ta sake zubar da shi. Tunda aPTT ya kai 51 da ƙarin hefarin, a tsaya nan. Nasiru, a aika anti-Xa sau ɗaya kuma a kan 1,820 ɗin, saboda maganar Dakta Bukar ta fakta ta takwas ba ta mutu ba. Yana yiwuwa 51 ɗin nan ya fi haka a jikinsa.

Nasiru_Ɗakin_Maza: Za a aika da safe in sha Allah. Tambaya ɗaya ta rage: wata uku za a tsaya, ko sai furotin ya daina zuba? Ba a yi masa gwajin tsokar ƙoda ba tukuna, kuma yanzu da magani a jininsa ban san yadda za a yi shi ba.